Ina azumi ina shayar da ɗan wata uku, nono na yi mini kamar ya ƙafe da la'asar

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Daga Tawa nake. Haihuwata ta fari ce, yaron ya shiga wata na uku, nono kawai nake ba shi. Yau azumi na bakwai. Da la'asar sai in ji maman ya yi laushi kamar babu komai a ciki, yaron ya yi ta kuka har magariba. Ni kuma kullum da ciwon kai nake kai shan ruwa, jiya ma jiri ya ɗebe ni wurin girki. Uwar mijina ta ce su da goyo suka yi azuminsu, in ƙara masa da ruwa kawai. In ci gaba ko in ajiye?

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah Ya raya mana, Ya ba ki lada.

Kafin komai, kada ki ba shi ruwan nan, ko cokali ɗaya. Zan dawo kan dalili. Sannan gobe ki ajiye azumi, jibi ma haka, ki yi abin da zan nuna miki a cikin kwana biyun. Laushin maman da kukan yaron ba su ne suka sa na ce ki ajiye ba, domin waɗannan biyun sukan ruɗi uwa. Jirin da ya ɗebe ki a gaban murhu shi ne ya tsaya mini a rai. Na daɗe ina aikin ungozoma a garin nan, kuma na ga mai goyo da ta faɗi kusa da tukunyar mai da ɗanta a bayanta.

Ruwan nono, in aka raba shi kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne zalla. Yaro kamar naki yana shan kusan kashi uku cikin huɗu na lita a kwana ɗaya, wato ledar piya-wata ɗaya da rabi. Wannan ruwan daga jininki yake fita, ko kin sha ko ba ki sha ba. Allah Ya yi jikin uwa da fifita ɗa: in ruwa ya yi ƙaranci, ƙoda ce ke fara tsuke bakin aljihu, fitsari ya ragu ya yi ja, baki ya bushe, kai ya ɗau ciwo, amma nono ya ci gaba da zuwa. An taɓa auna wannan a ƙasar Gambiya, aka fitar da sakamakon a 1984. Mata masu shayarwa ne da ke azumin Ramadan. An samu cewa da rana jikinsu yana zubar da ruwa fiye da na matan da ba su shayarwa, ɗanɗanon gishiri da zaƙin nonon sun ɗan sauya, amma nonon bai ƙafe ba, kuma da dare suna shan ruwa sosai su mayar da abin da ya tafi. To kin ga ashe azumin wuni ɗaya a jikin uwa yake fara bugawa, kuma ke kin riga kin fara jin bugun.

A Tawa daga alfijir zuwa faɗuwar rana awa 13 ne da wani abu, in azumi ya faɗo a watan Mayu ya kai 14. Kuma iskarmu busasshiya ce. Gumi yana bushewa a jiki tun ba ki gan shi ba, sai mace ta ce ai yau ban yi zufa ba, alhali ruwa na ta fita. Ki haɗa da tsayuwa gaban itace daga la'asar zuwa magariba, daidai lokacin da jiki ya fi galabaita. Wadda ke zaune a ɗaki mai fanka tana da mai taya ta aiki, da wadda ke daka da ɗibar ruwa da girkin mutum goma sha biyu, duk masu shayarwa ne, amma ba hukunci ɗaya zan ba su ba.

Yanzu laushin mama. A makonnin farko bayan haihuwa mama yakan cika ya yi tauri, har ya riƙa tsiyaya a riga, domin jiki bai gama sanin yawan abin da yaro ke buƙata ba. Daga wajen mako shida zuwa wata uku sai ya daidaita, ya riƙa yin nonon daidai da abin da ake tsotsa, maman ya yi laushi. Ke kuma wannan sauyin ya zo miki daidai da azumi, sai kika ɗora wa azumi laifin. Ko ba a azumi, da yamma mama ya fi laushi a kan safiya, kuma nonon yamma duk da bai kai na safe yawa ba, yakan fi shi maiƙo. Haka kukan magariba: jarirai da yawa masu wata ɗaya zuwa uku suna yin sa, su kama su saki, su nemi nono sau uku a awa ɗaya, iyayensu kuwa suna ci suna sha. Akwai kuma wani abu na uku. Saukowar nono, wannan tsirr ɗin da kike ji idan ya fara tsotsa, gajiya da fargaba suna jinkirta shi. Uwa na sauri ta koma wurin tukunya, kanta na sarawa, ana kiran ta daga tsakar gida, sai nonon ya yi nawar saukowa, yaro ya fusata ya saki, ita kuma ta tabbatar wa kanta cewa babu komai a ciki. Nonon na nan, ƙofar ce ba ta buɗe da wuri ba.

Saboda haka ba da taɓa mama ake gane ko yaro na ƙoshi ba. Abin da ya shiga, a wurin fitarsa ake gane shi. Ki samo gwangwanin tumatir da ƙwallayen dabino. Daga asuba zuwa asubar gobe, duk lokacin da ya jiƙa tsumma ki jefa ƙwallo ɗaya. In kush na kanti kike sa masa, ki bar shi da tsumma na kwana biyun nan, domin kush yana shanye fitsari biyu ko uku ba ki sani ba. Yaron da ke samun nono isasshe zai ba ki ƙwallo shida ko fiye, fitsarin fari tas ko ruwan ɗorawa mai haske, ba wari mai ƙarfi. In kika tashi da huɗu, fitsarin ya yi duhu yana barin shaida a tsumma, to abin da ke shiga bai isa ba. Kashi kuwa kada ya dame ki a wannan watan nasa. Ɗan wata uku mai shan nono zalla yana iya kwana uku ko fiye bai yi ba, in dai ya zo da laushi lafiya lau ne.

Ma'auni na biyu shi ne awo. Ki ɗauko karnensa, wato katinsa na asibiti, ki duba nauyin da aka rubuta na ƙarshe. A ce kafin azumi kilo 5 da giram 800 ne. A wannan watan nasa ana sa ran ƙarin wajen giram 150 a mako, don haka bayan mako biyu ya kamata ki gan shi a kusa da kilo 6 da giram 100. In ya ɗan gaza haka kaɗan ba abin tashin hankali ba ne. In ya tsaya cik a 5 da 800, ko ya ja baya, magana ta ƙare, azumin bana sai ramuwa. Abin da muke kallo a wurin awo shi ne, yaron da bai kai wata shida ba, in ya kasa ƙara rabin kilo a wata, akwai matsala. Amma ki kula da yadda ake awon: sikeli ɗaya, tsirara, kafin ya sha nono, kuma kusan lokaci ɗaya na safiya. Shan nono ɗaya kawai ya kai giram 100, don haka in an auna shi yau da ciki cike, mako mai zuwa da ciki wayam, sikeli zai yi miki ƙarya. Kada kuma ki riƙa auna shi kullum, hankalinki kawai zai tashi.

Akwai alamun da ba a jiran ƙwallo ko sikeli a kansu. In maɗigarsa ta faɗa ciki, ko bakinsa ya bushe, ko yana kuka ba hawaye, ko ya wuce awa shida bai yi fitsari ba, ko ya yi laƙwas yana barcin da sai an sha wuya ake tashin sa, ko ya ƙi kama mama, ko jikinsa ya yi zafi, ko zawo ya kama shi, ki sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira salla, ki sa shi a mama, ku tafi asibiti. Yaron da ke tsala kuka da ƙarfinsa bai fi tsorata ni ba. Wanda ya yi shiru, ana cewa kai yau yaron nan ya yi haƙuri, shi nake gudu.

Ke ma kina da naki gwangwanin. Fitsarinki na safe, awa biyu ko uku bayan sahur, ya kamata ya zama mai haske. In tun da hantsi ya yi kalar shayi, kin shiga wunin da bashin jiya. In daga azahar har magariba ba ki zaga ba ko sau ɗaya, in kika miƙe tsaye idonki ya rufe, zuciya na bugawa da sauri, ko ciwon kan bai sake ki ba awa biyu bayan kin sha ruwa, jikinki ya faɗa miki abin da zai faɗa. In kuma akwai sikeli kusa, ramar da ta wuce kilo ɗaya a mako ta yi yawa ga mai shayarwa. Ranar da jiri ya ɗebe ki irin na jiya, ki karya, kuma ruwa zalla ba shi ne ya fi ba. Ki jiƙa garin nan na ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu zawo, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, ki riƙa kurɓa a hankali. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. In bayan awa ɗaya ko biyu ba ki dawo daidai ba, ko kina amai, sai asibiti, wataƙila ki buƙaci ƙarin ruwa. A duba miki jini ma, domin ƙarancin jini bayan haihuwa ya yi yawa a matanmu, shi ma yana kawo jiri da ciwon kai, kuma shan ruwa ba ya maganin sa.

Bari in ba ki labarin wata da na gani a azumin 2019, wanda ya faɗo a tsakiyar zafin Mayu, domin ta hanyar da nononta ya ragu ita ce hanyar da nake jin tsoro a kanki. Ɗiyarta na da wata biyu da rabi. A kwanakin farko lafiya lau. Sai gajiya ta fara cin ta, da rana tana kwance, in yarinyar ta yi kuka sai ƙanwar miji ta goya ta ta yi waje da ita don uwar ta huta. Shan nono da yake sau goma ko sha biyu a kwana ya koma bakwai. Da la'asar kuma, ganin zafi, kaka ta fara ɗura mata ruwan randa da cokali, wai maƙoshinta ya bushe. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne, ruwan ya cika shi, ta rage tsotso. Shi kuwa mama ba shi da wani lissafi sai na abin da aka cire daga cikinsa: in an kwashe ya ƙara yi, in an bar shi a ciki ya ɗauka ba a buƙata, ya rage. A kwana na goma sha biyu zawo ya kama yarinyar. Da suka zo mini, nauyinta ya ragu da giram 300, maɗiga ta faɗa, uwar na kuka tana cewa azumi ya ƙafar mata da nono. Muka kwana biyu da su. Muka tsayar da ruwan cokali, ta ajiye azumi, na sa ta kwanta da yarinyar ƙirji da ƙirji, ta ba ta duk awa biyu, da dare ma ta tashe ta. A kwana na huɗu nono ya fara dawowa, cikin mako biyu nauyin ya koma inda yake. Da an ƙara mako ɗaya a gida, da an kai ga madarar gwangwani, kuma kin san kuɗinta, kin san irin ruwan da za a dama ta da shi.

Wannan shi ne dalilin da na ce ko cokali ɗaya kada ki ba shi. Har ya cika wata shida, ruwansa na cikin nono, ko zafi ya kai digiri 45. Nonon da ke fara fita a kowane shan yakan fi tsinkewa, shi ke kashe masa ƙishirwa, shi ya sa a ranar zafi za ki ga yana kamawa kaɗan-kaɗan, akai-akai. Ki bar shi ya yi hakan. Bauri da jiƙe-jiƙe ma duk su jira.

Uwar mijinki kuwa ba ƙarya ta yi ba, sun yi azumi da goyo, kuma da yawansu sun wanye lafiya. Kada ki tsaya jayayya da ita, ba girmanki ba ne, kuma ba zai gyara komai ba. Ki faɗa wa maigidanki, shi ya san yadda zai yi da mahaifiyarsa. Mafi sauƙi ma, ki roƙe ta ta raka ki awo, ki bar mu mu yi mata bayanin. Sau da yawa na ga kakar da ta shigo tana harara ta fita ita ce mai ƙirga ƙwallayen dabinon.

To bayan kwana biyun fa? In jirin ya tafi, fitsarinki ya washe, gwangwanin yaro ya cika shida ko fiye, kuma ranki na son ki gwada, ki gwada yau azumi gobe hutu, ki ci gaba da ƙirga. A ranar azumin ki nemi lita uku tsakanin magariba da alfijir, leda shida ke nan, in zafi ya tsananta ki ƙara ɗaya. Inda mata ke kuskure shi ne a rabon. Sai a kwankwaɗi lita guda a buɗa-baki har ciki ya ƙi abinci, a kwana ba a sha komai ba, a sake kwankwaɗar lita ana gab da kiran assalatu. Ruwan da aka zuba wa jiki a tashi ɗaya, ƙoda takan fitar da mafi yawansa cikin awa biyu. Ki sha leda ɗaya a buɗa-baki, ɗaya bayan kin ci abinci, ɗaya bayan asham, ki ajiye biyu a bakin shimfiɗa, duk lokacin da ya tashe ki shan nono ki sha rabi, ta ƙarshe kuma a sahur. Kada ki tsallake shayarwar dare don ki samu barci, domin da dare ne sinadarin da ke sa jiki yin nono ya fi hauhawa. Barcin ki rama shi da hantsi. Kuma kada ki matsa wa kanki da lita biyar da tunanin nono zai ƙaru. Ruwan da ya wuce buƙata fitsari yake zama, tsotso ne ke ƙara nono.

Sahur ki jinkirta shi zuwa kusa da alfijir, kuma a nan mu mutanen Adar mun yi sa'a, domin ban san abin da ya fi hurar gero da nono ga mai shayarwa ba. Ruwa ne da abinci a ƙwarya ɗaya, tana daɗewa a ciki, tana sakin ruwanta sannu a hankali. Ki haɗa da wake ko ƙwai ko ɗan nama in ya samu, da dambun zogale da ƙuli-ƙuli. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin abinci kamar kwano guda a kan abin da ta saba, don haka tsakanin buɗa-baki da sahur ki sa wani cin a tsakiya, ko kunun gyaɗa ne. Kilishi da cuku da duk abin da gishiri ko yaji ya yi wa yawa, ki bar su a farkon dare, kada su zo kusa da sahur. Kunun kanwa, in har yanzu ana dama miki na jego, ya isa haka, kanwa gishiri ce, tana ƙara ƙishirwa kuma tana wahalar da zuciyar mai jego. Shayin nan mai kauri na maza, ki tsaya a ƙaramin kofi ɗaya, kuma ba tare da abinci ba, domin yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini, wani abu nasa kuma yana bi ta nono ya hana yaro barci. Girkin yamma a taya ki, ko ki yi abin da zai yiwu da safe. Idan lokacin kukan magaribar ya zo, ki samu inuwa ki kwanta a gefe ki ba shi a kwance, ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi.

In kika gwada hakan, ranar azumi ƙwallaye suka sauko ƙasa da shida, ko jirin ya dawo, kada ki sake gwadawa bana. Ni a nawa ganin, duk wadda ɗanta bai kai wata shida ba kuma nono ne kaɗai abincinsa, ajiyewa ta fi kusa da ita, musamman in aikin gida duk a kanta yake. Wadda ke da tagwaye, ko bakwaini, ko yaron da dama nauyinsa ke jan ƙafa, ko ita kanta tana da ciwon sukari, ko sikila, ko ciwon ƙoda, ko zazzaɓi, ko mama ya kumbura ya yi ja yana zafi, ko tana da sabon ciki a kan goyon, ba na ma ba ta shawarar gwaji. Wadda ɗanta ya kai wata tara ko shekara, yana shan kunu da ruwa yana cin tuwo, ita kam yawanci takan yi azuminta cikakke ba wata matsala.

Na san abin da ke cin ki a rai ba lita ba ne. Kina jin kamar kowa na cikin lada ke kina waje, ga kunyar a gan ki da kofi da rana. Ni ba malama ba ce, amma na zauna gaban malamai a kan wannan mas'alar, domin kowace shekara sai an kawo mini ita. Akwai hadisin Anas ɗan Malik Alka'abi, wanda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito, cewa Allah Ya sauke wa matafiyi rabin salla, Ya kuma sauke azumi ga matafiyi da mai ciki da mai shayarwa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan garin nan, an ce mai shayarwa in ta ji tsoro ga ɗanta, ba ta samu wadda za ta shayar mata da shi ba, ko ya ƙi karɓar nonon wata, ta sha azumi ta ciyar. Ki lura, tsoron cutuwa aka ce, ba a ce sai cutar ta auku ba. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa in abin ya kai ga tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan azumin ya zama wajibi a kanta.

Abin da ke kanki a mazhabar Malik shi ne ramuwa da ciyarwa: kowace rana ki rama ta, ki kuma ba miskini mudu ɗaya na abincin da aka fi ci a gari. Mudun Annabi ake nufi, cikin tafin hannu biyu na mutum matsakaici, ya ɗan haura rabin kilo, ba tiyar kasuwa ba. In kwana 15 kika sha, mudu 15 ne, wajen kilo takwas na gero, bai cika tiya huɗu ba. Hanafawa sun ce ramuwa kawai, an kuma ruwaito daga Ibn Abbas da Ibn Umar cewa ciyarwa kawai ta isa, don haka in kin ji wani malami ya faɗi daban, ba daga kansa ya ƙago ba. Ki bi malamin da gidanku ke tambaya, ki kuma faɗa masa har da jirin, domin wadda ta sha don rashin lafiyar kanta hukuncin mara lafiya gare ta. Wani ɗan abu da ake mantawa: a wurinmu niyya ɗaya a daren farko ta wadatar wa wata duka, amma in azumin ya yanke, sai an sabunta ta. Don haka in kina yin yau azumi gobe hutu, kowane daren da za ki tashi da azumi ki ɗaura niyya.

Ramuwar ba dole a jere ba, kuma kina da lokaci har zuwa Sha'aban mai zuwa. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta faɗa cewa ita ma takan kai Sha'aban kafin ta rama nata. Ki bari sai sanyi ya shigo, Disamba ko Janairu, rana gajera, ƙishirwa kaɗan. A lokacin yaronki ya kusa shekara, yana zaune da kofinsa yana shan kunu, ki riƙa ɗaukar Litinin da Alhamis, kwana 15 ba su kai ki wata biyu ba.

Ranar awo ki zo da karnen, ki zo da lissafin ƙwallayen kwana biyun a rubuce, kuma ki ce a duba miki jini kafin ki bar wurin.